Yadda zan zana ruwa kan ruwa a cikin minti uku

Tambaya: Malam, ina koyar da lissafi a wata makarantar sakandare a nan Damagaram. Ina son in yi ɗan bidiyo irin wanda hannu ke zane a farin allo murya na bayani, don ɗalibaina 'yan shekara sha huɗu zuwa sha bakwai su gane kuɗin ruwa mai haihuwa. Na gwada sau biyu, kallo kawai suka yi. Me zan fara zanawa, me zai biyo baya, kuma sakan nawa zan ba kowane bayani?

Malama, sannu da ƙoƙari. Ban ga naki ba, amma ina kyautata zaton abin da ya faru da nawa na farko ne ya faru da shi. Na fara da rubuta dabarar lissafin a saman allo, na yi ta bayanin haruffa, sannan na kawo misali. Da na nuna wa yara, suka ce hannuna ya iya zane. Na tambaye su ribar shekara ta uku, ajin ya yi tsit kamar ruwa ya ci su. Tun daga ranar na gane cewa darasin nan gaba ɗayansa yana cikin motsi guda ne na hannu: lokacin da ribar bara ta tashi daga gefe ta shiga layin uwar kuɗi, ita ma ta fara haihuwa. In yaro ya ga wannan da idonsa, sauran duk bita ne. Don haka duk jerin zanen da zan ba ki, da duk rabon lokacin, an tsara su ne don a kai ga wannan wuri a tsaya a kansa.

Kafin zane akwai shawara biyu da za ki yanke.

Ta farko ita ce labarin da za ki rataya lissafin a kansa. A garinmu in kika buɗe bidiyo da cewa "ka ajiye kuɗi a banki su yi maka ruwa", kin rasa rabin iyayen kafin minti ya cika, kuma yaran kansu za su shiga muhawarar halas da haram su bar miki lissafin. Suna da hujjarsu, ayar da ke cikin suratu Ali Imrana ta yi magana ne a kan cin riba ninkin ba ninkin. Ni abin da nake yi, ina gina darasin a kan ribar sana'a da ake mayarwa cikin jari, wadda ba mai gardama a kanta, sannan a ƙarshe in juya allon in nuna cewa wannan lissafin ne yake cin mai bashi. Lissafin ɗaya ne, ba abin da ya sauya, kuma yaro ya fita da abin da zai kare kansa da shi. Wasu suna son misalin akuya: ta haihu, ɗiyarta ma ta haihu. Yana da daɗin ji, amma a aji ba ya ɗorewa. Wani zai ce in bunsuru ta haifa fa, wani ya ce tasu ta mutu da rani, kuma ba a zana kashi ɗaya bisa goma na akuya. Na daina amfani da shi.

Ta biyu ita ce lambobi. Ki ɗauki jaka goma, riba ɗaya bisa goma a shekara. Dalilin ba sauƙin lissafi kaɗai ba ne. Jaka goma tana zanuwa a matsayin takardu goma na jaka jaka, ribarta takarda guda ce cif, ribar wannan takardar kuma kwabo guda ne na dala ashirin, ribar kwabon dala biyu ce. Kowane mataki yana da kuɗin da yaro ya taɓa riƙewa a hannunsa a kasuwar Dole. In kika ɗauki kashi bakwai ko uku da rabi, babu abin da za ki zana sai lambobi.

Amma a nan akwai tarko namu na gida. Allo zai rubuta 100, baki zai ce dala ashirin. Allo zai rubuta 13,310, baki in ya bi ƙirgar kasuwa sai ya ce jaka sha uku da dala sittin da biyu. Yaro yana ganin 310 yana jin sittin da biyu, kansa ya tafi raba lamba da biyar, kin wuce shi. Maganin da na samu shi ne murya ta faɗi kuɗi da ƙirgar dala a wurare biyu kawai, wato kwabon dala ashirin da na dala biyu, tunda su ana ganinsu ana gane su. Daga nan murya ta riƙa cewa "jaka sha uku da ɗoriya", "kusan jaka ashirin da shida", allo shi ya ɗauki cikakkiyar lamba. Wani abu kuma da ya taɓa ba ni kunya: na so in kira ribar riba "jika", tunda uwa ta haifi ɗiya, ɗiya ta haihu. A bakinmu jaka ta kuɗi ma jika ce, sai yara suka ɗauka ina nufin wata dubu ce ta ƙaru. Ki ce "ribar riba" kawai.

To ga rubutun. Tsawonsa minti uku da sakan goma. Alƙaluman allo biyu kawai: baƙi na uwar kuɗi, ja na riba. Kada ki ƙara launi na uku don ado, domin launin nan shi ne rabin bayanin.

Daga 0:00 zuwa 0:18. Ki ja layi tsaye a tsakiyar allo. Ki zana yarinya a hagu, ki rubuta Hassana a ƙasanta, sannan wata a dama, Usaina. Kai, kallabi, jiki, shi ke nan, ba a buƙatar fuska mai kyau. A ƙarshe babbar alamar tambaya a tsakiya. Murya:

"Hassana da Usaina tagwaye ne. Kakarsu ta ba kowacce jaka goma ta ja jari. Bayan shekara goma, ɗaya ta fi ɗaya da kusan jaka shida. Ba sata, ba gado. Ta yaya?"

Babu sallama mai tsawo, babu "yau za mu koyi". Ki sa sallamar a rubutun da za ki tura tare da bidiyon. Alamar tambayar ta sauka daidai kan "Ta yaya?", ki bar sakan ɗaya kafin ki ci gaba.

Daga 0:18 zuwa 0:42. Ƙarƙashin Hassana ki jera takardu goma baƙaƙe a layi ɗaya, kowacce ɗan akwati mai tsawo, sannan haka ƙarƙashin Usaina. Ki bar fili a ƙarshen layin Usaina wanda zai ɗauki ƙarin takardu biyu da kwabo guda. Wannan filin kada ki manta da shi, na taɓa sake ɗaukar bidiyo duka saboda layina ya kai bakin allo. Bayan haka ki ɗauki ja, ki zana takarda guda ƙarƙashin kowane layi, ki rubuta 11,000 a gefe biyu. Murya:

"Sana'arsu ɗaya. Mu ce kowace shekara, jaka goma tana kawo ribar jaka guda, ɗaya bisa goma ke nan. Shekarar farko ta ƙare. Hassana tana da jaka sha ɗaya. Usaina ma jaka sha ɗaya. Kunnen doki."

Ki lura da "mu ce". Ba sana'ar da take ba da ɗaya bisa goma daidai kowace shekara, kuma ɗiyan 'yan kasuwa sun san haka. Kalmomin nan biyu sun isa su nuna misali ne, ba alkawari ba.

Daga 0:42 zuwa 1:25, nan ne gidan maganar, shi ya sa ya ci kusan kashi ɗaya bisa huɗu na lokacin duka. Jerin zanen yana da muhimmanci ƙwarai. Da farko ki zana asusun ƙasa a gefen Hassana, mai ɗan tsagi a sama, ki ja kibiya daga jar takardarta zuwa cikinsa. Murya: "Hassana ta jefa ribarta a asusu. Ba ta ci ba, ba ta ɓatar ba. Tana nan kwance." Wannan sakan takwas ne. Dalilin asusun shi ne kada yaro ya ce ai Hassana cinye nata ta yi. Kuɗinta yana nan, aiki ne kawai ba ya yi, kuma bambancin da muke son a gani ke nan.

Sannan ki koma gefen Usaina. Ki goge jar takardar daga ƙasa, ki sake zana ta a filin nan da kika bari a ƙarshen layi, da ja, sannan ki ɗauki baƙi ki kewaye ta. Murya: "Usaina kuwa ta mayar da tata cikin jari." Sai shiru. Sakan uku cur babu magana, hannu yana kewaye jar takardar da baƙi, a saurinsa na gaskiya, ba a hanzarta shi ba. Za ki ji kamar shirun ya yi yawa in kina gyara. Ki bar shi. Idan murya tana magana a wannan lokacin, yaro zai bi kunne ya bar ido, kuma abin da ido zai gani a nan, wato riba ta sa rigar uwar kuɗi, baki ba ya iya faɗinsa da kyau haka.

Bayan shirun ki rubuta "shekara 2" a sama. Ki zana jar takarda ƙarƙashin goman Hassana, ki zana ɗaya ƙarƙashin goman Usaina na asali. Sannan ki ɗora bakin alƙalami a kan takarda ta sha ɗaya ki tsaya. Murya:

"Shekara ta biyu. Jaka goma ta kawo jaka guda a nan, ta kawo jaka guda a nan. To ita wannan ta sha ɗayan fa, zaman banza za ta yi? Nawa ne ɗaya bisa gomanta?"

Shiru na sakan biyu, don su amsa a ransu. Sannan ɗan jan da'ira ƙarƙashinta, a cikinsa 100. Murya: "Dala ashirin. Ribar riba ke nan." Ki rubuta 12,000 a hagu, 12,100 a dama, ki ja layi ƙarƙashin 100 ɗin.

Ƙa'idar da nake bi a ko'ina ita ce hannu ya riga baki da kamar rabin sakan, abu ya fara bayyana sannan a kira sunansa. Wuri ɗaya ne nake juya ta, shi ne nan: tambaya ta riga zane. In kwabon ya fito kafin tambayar, kin ba su amsa kyauta, ba su yi aikin kai ba.

Daga 1:25 zuwa 1:55. Shekara ta uku, gefen Usaina kawai, domin na Hassana an riga an san shi. Ki mayar da ribar shekara ta biyu cikin layinta kamar ɗazu. Yanzu layinta yana da takardu goma na asali, biyu da aka kewaye, da kwabo guda. Ki zana abin da kowane rukuni ya haifa a ƙasansa, ɗaya bayan ɗaya daga hagu: takarda guda ƙarƙashin goman, kwabo biyu na 100 ƙarƙashin biyun, sannan ɗan mitsitsin da'ira mai 10 ƙarƙashin kwabon. Murya:

"Shekara ta uku. Goman nan, jaka guda. Biyun nan, dala ashirin ashirin. Har shi ɗan kwabon nan bai zauna ba, ya kawo dala biyu."

Wannan dala biyun tana da ƙanƙanta har za ki so ki tsallake ta don rage lokaci, amma ita ce ke raba wanda ya gane da wanda ya ɗauka ya gane. Yaron da bai gan ta ba zai ce ribar tana tafiya 1,000, 1,100, 1,200, 1,300, wato ƙarin ɗari kowace shekara. Wannan ba haihuwa ba ce, tsani ne mai matakai daidai. Gaskiyar ita ce ribar shekara ta uku 1,210 ce. Don haka bayan kwabon, ki rubuta ribar kowace shekara a layi ɗaya da ja: 1,000, 1,100, 1,210, 1,331, 1,464. A ƙasansu ta Hassana: 1,000 sau biyar. Murya ba za ta karanta lambobin ba, abin da za ta ce kawai: "Ribar Hassana ba ta motsa ba. Ta Usaina kullum ta fi ta bara, kuma ƙarin kansa ƙaruwa yake." Na fi son nuna ribar shekara a kan jimillar kuɗi a wannan wuri, domin a jimilla, 15,000 da 16,105 na shekara ta biyar ba su da wani bambanci mai ɗaukar ido.

Daga 1:55 zuwa 2:22. Ki goge allon duka, wannan ne gogewa ta farko babba, ki yanke ta a wurin gyara kada a zauna ana kallon tsumma. Ki ja layin kwance, ki rubuta "shekara" a gefensa, ki sa 0, 5, 10, 15, 20. Layin Hassana ya fara, da baƙi, miƙaƙƙe daga 10,000 zuwa 30,000. Sannan na Usaina da ja, daga wuri ɗaya, yana manne da baƙin a farko, yana rabuwa da shi a hankali, ya bi ta 25,937 a shekara goma, 41,772 a sha biyar, ya ƙare a 67,275, ki rubuta sunanta a kansa. Lambobi huɗu kawai za ki rubuta: 20,000 da 25,937, sai 30,000 da 67,275. Murya:

"A shekarun farko kamar tare suke. Shekara goma: jaka ashirin, da kusan jaka ashirin da shida. Ga jaka shidan da muka tambaya. A bar su shekara ashirin: jaka talatin, da jaka sittin da bakwai."

Kada ki zana lanƙwasar nan da ka. Hannu yana da halin ɗaga ta da wuri don ta yi kyau, sai ta nuna kamar tazarar ta buɗe tun shekara ta uku, alhali ƙarya ne. Ki auna tukuna. In santimita ɗaya tana wakiltar jaka biyu, 67,275 tana buƙatar kusan santimita 34 na tsayi, 10,000 tana kan 5, 25,937 tana kan 13. Ki ɗiga ƙananan ɗigo da fensir ko da busasshen alƙalami a waɗannan wurare kafin ki kunna kyamara, ba sa fitowa a hoto, sai hannu ya bi su. Kuma jan layin ya tafi a hankali a rabin farko. Haƙurin da ake yi a shekarun da ba a ganin komai yana cikin darasin.

Daga 2:22 zuwa 2:52, juyin allo. Kada ki goge lanƙwasar. Ki goge sunan Usaina kawai, ki rubuta "bashi" a wurinsa. Ki goge kalmar "shekara" a layin ƙasa ki rubuta "wata". A gefe ki zana saurayi da takardar jaka goma a hannu. Murya:

"Yanzu juya abin. Ka ci bashin jaka goma, aka ce ruwa ɗaya bisa goma kowane wata, abin da ba ka biya ba a haɗa shi da uwar kuɗi. Layin nan dai shi ne, amma yanzu kai yake hawa. Wata goma sha biyu: jaka talatin da ɗaya da ɗoriya."

Ki sa ɗigo a kan jan layin daidai 12, tsakanin 10 da 15, ki rubuta 31,384. Abin da ya sa nake son wannan dabarar shi ne kalma biyu kawai aka sauya, zanen bai motsa ba, yaro ya gani da idonsa cewa lissafi guda ne. Ya kuma ga cewa "ɗaya bisa goma" ba ta da ma'ana sai an ce a wane tsawon lokaci. Abin da ya ɗauki Usaina shekara goma sha biyu, mai bashi ya iske shi a shekara guda.

Daga 2:52 zuwa 3:10. Sai yanzu dabarar lissafi ta fito, a sarari mai tsabta a sama, da haruffan da suka saba gani a kayensu. Layi na farko da lambobinmu, na biyu da haruffa a ƙasansa, kowane harafi daidai ƙarƙashin lambar da yake wakilta:

```
10 000 × (1 + 0,10)^10 ≈ 25 937
C0 × (1 + t)^n = Cn
```

A allo ki rubuta lambobi yadda ake rubuta su a lakwal, da fili tsakanin dubbai da waƙafi a wurin ɓangare, kuma ki ɗaga 10 da n sama yadda aka saba. Ki sa sunan darasin `intérêts composés` a gefe sau ɗaya, don su haɗa shi da abin da za su tarar a takardar jarrabawa. Murya: "Kowace shekara, a ninka da ɗaya waƙafi ɗaya. Sau goma, shekara goma. To a wace shekara kuɗin Usaina zai ninka biyu? Ku lissafa." Bidiyo ya ƙare a kan tambayar. Amsar ki riƙe ta don aji: a ƙarshen shekara ta bakwai tana da 19,487, a ta takwas 21,436, don haka a cikin ta takwas ne. Akwai gajeriyar hanyar nan ta raba 72 da adadin kashin, wadda ke ba da bakwai da 'yan kai a nan, amma kada ki cusa ta a wannan bidiyon. Darasi ne na wata rana.

Game da yadda za a daidaita lokaci, murya ake fara ɗauka, ba zane ba. Ki shiga ɗaki da dare bayan gari ya yi shiru, ki kashe fanka, ki karanta rubutun a salula kamar kina yi wa ƙanwarki bayani, tare da duk shirun da aka rubuta. Ni bakina yana tafiya kamar kalma biyu a sakan in ina bayani a natse, da wannan na auna lokutan da ke sama. Ki karanta sashen farko da agogo a hannu. In ya ɗauke ki sakan sha biyar ko sha shida, lokutan za su zauna miki. In sha biyu ne, sauri kike yi, ki sassauta, kada ki rage lokacin.

Sannan ki ɗauki zanen sashe sashe, a natse, ba tare da kin damu da agogo ba. A wurin gyara, ko CapCut ne ko wani, kowane guntu za ki ba shi saurinsa. Lissafin sauƙi ne: tsawon zanen a raba da tsawon maganar da ke kansa. A ce jera takardu ashirin ya ɗauke ki sakan arba'in da takwas, maganar da ke kansu sakan sha biyu ce, sauri ninki huɗu ke nan. Wannan ya yi wa takardu da 'yan mata da asusu, tunda da an ga biyu an san sauran. Lamba kuwa ba na wuce ninki ɗaya da rabi, kuma in an gama rubuta ta hannu ya janye ya bar ta sakan biyu a fili. In kika ga wani zane yana buƙatar ninki shida kafin ya shiga lokacinsa, zanen ne ya yi yawa, ki rage masa kwalliya. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ba bidiyon duka sauri ɗaya, sai kallabin Hassana ya ci lokaci daidai da kwabon dala ashirin.

Wajen ɗauka, ki kwantar da allon a kan tebur ki ɗaure salular a sama tana kallon ƙasa, ya fi a rataye shi a bango inda kafaɗarki za ta riƙa shiga. Ki yi a inuwar zaure ko baranda da hantsi, hasken ya zo daga gefen da ba hannun rubutunki ba, don kada inuwar hannu ta faɗa kan abin da kike zanawa. Farin allo yana ƙyalli a rana, kuma ƙwan lantarki yana barin farin tabo a tsakiya. Ki danna allon salular ki riƙe har haske da saitin gani su kulle, in ba haka ba duk shigar hannu hoton zai yi duhu ya washe. Alƙalamin allo kuma a zafin nan namu ba ya jure zama a buɗe, musamman jan, ki sayi biyu. In ya fara kodewa ja da baƙi sun zama abu ɗaya bayan bidiyon ya bi ta WhatsApp. Kafin ki tura wa kowa, ki tura wa kanki, ki kalla a ƙaramar salula daga nisan hannu. In ba ki iya karanta 10 ɗin da ke cikin ɗan kwabon ba, ki ƙara masa girma ki sake wannan sashen.

Gwajin da nake yi kafin in saki bidiyo shi ne in sami yara uku ko huɗu, ba gwanayen aji ba, in kunna musu in tsayar a 1:25 daidai, in tambayi jimillar Usaina a shekara ta biyu da inda ɗarin ya fito. Wanda ya nuna takarda ta sha ɗaya da yatsa ya gane. Sannan in bar shi ya kai 1:55, in rufe allon in tambayi ribar shekara ta huɗu. In suka ce 1,300, dala biyun nan ta wuce su, sai in koma in ƙara mata sakan biyu in rage daga gabatarwa. In suka ce 1,000, matsalar ta fi baya, tana wurin kewaye jar takarda, ko shirun ya gajarta ko hannu ya rufe ta lokacin da ake kewayewa. A wannan halin ki sake ɗaukar wannan guntun kaɗai, ki riƙe alƙalamin daga can ƙarshensa, ki fara kewayen daga gefen hagu na takardar don jan ya kasance a fili har baƙin ya rufe.